Tsohon rahoton bashin taki: ya za a yi ya koma tablo mai tsaruwa?

Rabi Sakatariya: Salamu alaikum ƴan uwa, a taimaka mini da dabara. Ƙungiyarmu ta manoma na da tsohon rahoto na bashin takin zamani na daminar 2012, wanda tsohon ordinatar na biro ya fidda kafin ya mutu, irin takardar nan mai huji-huji a gefe, shafi 38. Allah ya sa fishiyen shi na nan cikin kile, sunanshi CREDIT12.TXT. Yanzu shugaba na son in jera mishi mutane daga mai babban bashi zuwa ƙarami, kuma gari-gari, kafin taron asabar. Na buɗe shi cikin Excel komi ya dunƙule cikin kolon guda, na kai shi Word kuma layukan suka karkace. Ga kaɗan daga ciki, na canza sunayen mutane amma na bar tsawonsu yadda yake.

```
ETAT DES CREDITS ENGRAIS    CAMPAGNE 2012          PAGE  7
VILLAGE : SAFO
00412 ISSA LAOUALI        14/06/12   3    40 500    13 500
00413 MAHAMAN SANI ABDOULA04/06/12  10   135 000         0
00417 HADIZA OUMAROU      21/06/12   2    27 000     3 000-
      TOTAL VILLAGE                 15   202 500    10 500
```

Lamba, suna, rana, buhu nawa, kuɗin duka, sai abin da ya rage.

Nasiru Siber: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ai aikin minti biyu ne. Ki zaɓi kolon ɗin, ki je Données, Convertir, ki ɗau Délimité, ki sa alama kan Espace, shikenan kowa ya kama gidanshi. Kullum muna yi ma mutane a siber.

Rabi Sakatariya: Na yi yanzu Nasiru, abin ya ƙara watsewa. Issa ya tafi kolon daban Laouali daban, mai suna ukku ya ture ranar shi gaba, kuma 40 500 ta rabu biyu, 40 nan 500 can.

Alhaji Ila Mai Goro: Ɗiyata shafi 38 ai ba wani abu ba ne, ki samu yara biyu ƴan lakwal ɗaya na karantawa ɗaya na bugawa, kwana biyu sun gama. Ni ma ina da irin takardun ga cike da kwali na mutanen da ka ɗaukar mini kaya tun ana shago a tsohuwar kasuwa, haka nike niyyar yi.

Malam Lawali: Alhaji ranka ya daɗe, ita tana da fishiyen a hannu, ba takarda kaɗai ba. In aka ba yara su sake bugawa za a shigo da kurakuran da babu su a da, kuma kuɗin mutane ne. Naka mu dawo kanshi daga baya.

Malama Rabi, ki rufe wanda kika taɓa kada ki aje shi, ki yi kofi na fishiyen ki yi aiki kan kofin. Abin da ya kamata ki fara ganewa shi ne rahoton ga ba da fili aka raba shi ba, da mazauni aka raba shi. Tsohon injin bugawa kowane harafi faɗinshi guda, i da m duk ɗaya, to mai rubuta porogaram ɗin sai ya ce suna zai fara daga harafi na kaza ya ƙare a na kaza, in sunan gajere ne a cike sauran da fili, in ya yi tsawo a datse shi. Dubi layin 00413, an datse Abdoulaye ya koma ABDOULA kuma ya manne da rana, ba fili ko ɗaya tsakani. Duk dabarar da ta dogara da fili za ta faɗi a kan layin nan. Shi ya sa kuma Word ya karkatar miki da shi, don rubutun da ya sa miki haruffanshi ba faɗi guda ba ne. Ki buɗe cikin Bloc-notes, ko ki sa Courier New, za ki ga ya miƙe.

Sai a ƙirga. Ni ina buga layin awo a sama in riƙa dubawa:

```
....+....1....+....2....+....3....+....4....+....5....+....6
00413 MAHAMAN SANI ABDOULA04/06/12  10   135 000         0
00417 HADIZA OUMAROU      21/06/12   2    27 000     3 000-
```

Lamba 1 zuwa 5. Suna 7 zuwa 26, harafi 20 kenan. Rana 27 zuwa 34. Buhu 35 zuwa 38. Kuɗi 39 zuwa 48. Ragowa 49 zuwa 58, sai mazauni na 59 da aka bar ma alamar ragewa. Ki rubuta wannan a takarda ki aje kusa, duk aikin a kanshi zai hau.

Nasiru Siber: To ai Malam in haka ne ba sai an wahala ba, cikin Convertir ɗin dai akwai Largeur fixe, shi ma zai sa mata tsinken yanka da kanshi, ta danna Suivant kawai.

Malam Lawali: Largeur fixe daidai ne Nasiru, hanya ce mai kyau, amma "da kanshi" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Excel hasashe yake daga layukan farko, kuma layukan farko nan kan shafi ne, ETAT DES CREDITS da sauransu, ba su bin mazaunin mutane. Zai iya sa tsinke tsakiyar 135 000 don ya ga fili a wurin. Dole mutum ya cire nashi ya dasa da hannu, kuma ya gangara ƙasa ya nemi suna mafi tsawo da kuɗi mafi girma ya gani ko tsinken ya ratsa su. Sannan a mataki na ukku in ba ka ce kolon ɗin lamba Texte ba ne, 00412 ta koma 412, in ba ka ce rana JMA ba ce kuma ordinatar ɗin an saita shi irin na Amurka, 04/06/12 ta koma 6 ga Afrilu maimakon 4 ga Yuni, ita kuma 14/06/12 ta tsaya a rubutu don babu wata na 14. Rabin kolon rana rabi rubutu, in ka jera sai ka ga shirme.

Amma babban dalilin da ya sa ba zan fara da shi nan ba: shugaba na son gari-gari, kuma sunan gari ba ya cikin layin mutum, yana can sama shi kaɗai. Da ka yanka ka jera, Safo ta tafi wani wuri mutanenta sun tafi wani wuri, ba mai sanin wa ke ina.

Rabi Sakatariya: Wallahi wannan ne ya fi damuna Malam. To mi zan yi?

Malam Lawali: Ki bar kowane layi cikakke cikin kolon guda, ki ciro abin da kike so da formil, asalin na nan gefe kina ganinshi. Ki buɗe fishiyen ta Fichier, Ouvrir, ki ɗau Délimité amma ki cire duk alamomin, har Tabulation, Identificateur de texte ki sa aucun, kolon ɗin ki ce Texte. Texte ɗin na da amfani don irin rahoton ga ba ya rasa layin ===== ko -----, kuma Excel na iya ɗaukarsu formil. Ki ƙara layi guda a sama na kanun kolon, ki ƙara kolon guda gaba ki cika 1, 2, 3 har ƙasa. Lambar nan ita za ta maido ki tsarin takarda duk ranar da aka yi gardama. Yanzu A lambar layi, B asalin layi. Sai C da D:

```
C2  =ESTNUM(CNUM(GAUCHE(B2;5)))
D2  =SI(GAUCHE(B2;7)="VILLAGE";SUPPRESPACE(STXT(B2;11;30));D1)
```

C na tambaya ne, haruffa biyar na farko lamba ce? In e, layin mutum ne, ta ce VRAI. Kan shafi, layin total, layin da ba komi duk FAUX. Ita D in ta ga VILLAGE ta ɗauki sunan garin, in ba ta gani ba ta kwafi na samanta, haka sunan zai riƙa gangarowa kan kowane mutum har a kai ga wani gari, ko da garin ya tsallaka shafi. Ki yi waɗannan biyu tukuna ki ja su har ƙasa ki gaya mini.

Habsu UDDM: Malam gafara, ni nawa ordinatar daga Kano aka sawo shi, Excel ɗin na turanci ne, na gwada da layukan da anti ta turo yana ƙin karɓa.

Malam Lawali: Naki sunayen daban. STXT ita ce MID, GAUCHE ita ce LEFT, SUPPRESPACE TRIM, CNUM VALUE, ESTNUM ISNUMBER, SI kuma IF, SUBSTITUE da za ta zo SUBSTITUTE. Kuma yawanci waƙafi zai nema a inda na sa waƙafi mai ɗigo.

Rabi Sakatariya: Ya yi Malam!! Garuruwa sun sauko, Safo, Jiratawa, Tibiri, Ɗan Isa duk ga su gaban kowa. Layi 2014 ne duka, VRAI 1622.

Malam Lawali: Madalla. Ga sauran:

```
E2  =GAUCHE(B2;5)
F2  =SUPPRESPACE(STXT(B2;7;20))
G2  =DATE(2000+STXT(B2;33;2);STXT(B2;30;2);STXT(B2;27;2))
H2  =CNUM(STXT(B2;35;4))
I2  =CNUM(SUBSTITUE(STXT(B2;39;10);" ";""))
J2  =CNUM(SUBSTITUE(STXT(B2;49;10);" ";""))*SI(STXT(B2;59;1)="-";-1;1)
```

STXT(B2;7;20) na nufin fara daga harafi na 7 ka ɗebo 20, awon da muka yi ne kawai. Lamba na bar ta rubutu da gangan don ziro biyun gaba su zauna. Rana na gina ta da kaina, shekara, wata, rana, don kada ordinatar ya zaɓa mana, in ta fito kamar 41074 kada ki tsorata, ki sa ma kolon ɗin tsarin Date. 2000 ɗin da na ƙara don kin ce duk na 2012 ne, wanda rahotonshi ya haɗa da 98 ko 99 kada ya kwafi wannan haka. Kuɗi na cire filin da ke tsakiya kafin in maida shi lamba, don in ya zauna a rubutu aka jera, 135 000 za ta zo kafin 27 000 tunda 1 na gaban 2.

J kuma ki lura da ita. Hadiza tana da 3 000 da ɗan layi a baya, tsofin porogaram haka suke rubuta ragewa. Ma'ana ta biya fiye da bashinta, ƙungiya ce ke riƙe da jika ukku nata. Ki tabbatar da kanki daga total na Safo: 13 500 da 0 da 3 000 in an tara 16 500 ne, amma takarda ta ce 10 500. Duk wanda ya yanke a 58 ya manta da 59 ya maida matar nan mai bashi, kuma ranar asabar a karanta sunanta gaban mutane.

Nasiru Siber: Wannan ma Convertir na yi fa Malam, cikin Avancé akwai inda ake sa alama don ragewar da ke ƙarshe.

Malam Lawali: Akwai, gaskiyarka. Sharaɗin dai tsinkenka ya haɗa da mazauni na 59.

Rabi Sakatariya: Na ja su. Layukan FAUX sun cika da #VALEUR! amma na gane ba komi tunda ba mutane ba ne. To yanzu in goge su in jera ko? Sai dai akwai layi tara na mutane da rana ta ba da #VALEUR! su ma, sauran kolon ɗinsu lafiya lau, zan gyara ranar da hannu.

Malam Lawali: Tsaya Malama, kada ki goge kuma kada ki jera tukuna, abu biyu.

Na farko D na jingine da layin samanta. In kika goge layin VILLAGE za ki ga #REF! ya gangara, in kika jera kuma ya fi muni don ba zai yi ƙara ba, kowa zai ɗauki garin sabon maƙwabcinshi ne shiru. Sai an daskarar da su: ki zaɓi duka, Copier, ki je sabon shafi, Collage spécial, Valeurs. A can ne ake tace C a goge FAUX. Amma wannan ma sai mun gama da na biyu.

Layi taran nan turo mini ɗaya yadda yake cikin B, da abin da I da J suka ba da. Ban yarda da lafiya lau ɗin ba.

Rabi Sakatariya:

```
00958 SALÃ‰ IBRAHIM        18/06/12   2    27 000    13 500
```

I ta ba 22700, J ta ba 1350. Innalillahi, ai ba haka ba ne a takarda, 27 000 ne da 13 500.

Malam Lawali: To kin gani. Sunan SALÉ ne. Fishiyen an taɓa sake aje shi a UTF-8, ƙila wani ya kwafe shi cikin sabon Bloc-notes, kuma a nan É wuri biyu take ci. Excel ya karanta shi da tsohon tsari sai ya nuna haruffa biyu, duk abin da ke bayanta ya matsa dama da mazauni guda. Formil ɗin kuɗi ta fara daga 39 kamar kullum, ta tarar da 2 ta buhu zaune a wurin, ta haɗa da 27 00, ziron ƙarshe ya faɗa kolon na gaba, ga 22700. Ragowa ta rasa nata ziron ta koma 1350. Har buhun da kika ga daidai sa'a ce, 2 ta ƙarshen shekara ta ɗauko. Rana kaɗai ta yi kuka, kuɗin sun fito da kamar gaskiya, kuma da kin gyara ranar da hannu kin rufe shaidar kenan, an yafe ma Sale jika goma sha biyu da wani abu ba da sanin kowa ba.

Gyaran ba a layi tara yake ba, a wajen buɗewa yake. Ki sake buɗe fishiyen, a matakin farko Origine du fichier ki ɗau 65001 : Unicode (UTF-8), ki zuba sabon B kan tsohon, formil na nan yadda suke. Kuma ki ƙara kolon mai gadi:

```
K2  =ET(STXT(B2;29;1)="/";STXT(B2;32;1)="/")
```

Duk layin mutum da K ta ce FAUX ya goce, ko saboda harafi ko saboda wani ya taɓa sa Tabulation ciki.

Alhaji Ila Mai Goro: Malam ni duk wannan ya fi ƙarfina, nawa takarda ce kawai ba kile ba komi, inji ya tafi tun tuni. Yaro na ya ce a ɗau foto da waya ta karanta.

Malam Lawali: Ana yi Alhaji amma rubutun allura ɗin nan ɗigo-ɗigo ne, in tawada ta kwashe sai 8 ta koma 3, 0 ta koma O, kuma masu karanta foto sukan matse filaye, mazaunin da muke dogara da shi ya tafi. In takardunka na da total a ƙasan kowane shafi akwai abin gwadawa, in babu, shawararka ta farko ta fi, ɗaya na karantawa ɗaya na bugawa, na ukku ya sake bi. Kawo mini shafi biyu in gani kafin in ce komi.

Rabi Sakatariya: Na sake buɗewa, SALÉ ya fito daidai, K duk VRAI ga mutane. Na yi Valeurs, na goge FAUX, na maida shi tablo ta Mettre sous forme de tableau, ƴan kibiyoyin sun fito a kai kuma in na jera ragowa layin duka ke tafiya tare. Alhamdu lillahi. Sai dai na tara I na samu 61 411 500, shafin ƙarshe na takarda TOTAL GENERAL ya ce 61 452 000. Saura 40 500.

Nasiru Siber: Kan miliyan sittin da ɗaya jika arba'in ai ba komi Hajiya, tsohon inji ne ƙila shi ya yi kuskure.

Malam Lawali: A'a Nasiru. 40 500 buhu ukku ne cif a kan 13 500, wannan mutum ne guda ya ɓace, ko biyu. Kuskuren gocewa ba ya ba da lamba mai tsabta haka. Malama kada ki bi layi 1622 ɗaya-ɗaya. Ki tace gari-gari ki gwada da TOTAL VILLAGE na takarda, garin da bai dace ba nan ɓarakar take. Sannan ki koma shafin formil ki tace C kan FAUX ki karanta layukan garin da ido, don C ɗina duk abin da bai fara da lamba biyar ba jefar da shi take.

Rabi Sakatariya: Tibiri ce. Na same shi, lambarshi B0077, buhu 3, 40 500. Na tambayi ma'ajinmu ya ce waɗanda aka ɗauko daga tsohuwar koperatif ne aka sa ma B, shi kaɗai ya ɗau taki a shekarar.

Malam Lawali: To ki maido shi. Kuma tunda haka ne K ta fi C aminci a fishiyenki, ki tace da ita, 1623 ya kamata ki samu. Ki gwada total na buhu da na ragowa su ma, ba kuɗin duka kaɗai ba.

Rabi Sakatariya: 1623, kuma ukkun duk sun dace da takarda. Allah ya saka da alheri Malam, ya ƙara sani. Saura abu guda, da na jera da suna na ga mutane da sun fito sau biyu da lamba daban, kamar ISSA LAOUALI da ISSA LAWALI duk a Safo, ga kuma sunayen da aka datse. Ni na san da yawansu, in gyara in haɗe bashinsu?

Habsu UDDM: Anti ni dai ina ganin ki haɗe, in ba haka ba mai bashi biyu zai sauka ƙasa a jerin alhali ya fi na samanshi.

Malam Lawali: Ni ba zan taɓa F ba. Ki buɗe sabon kolon na cikakken suna gefe, abin da rahoto ya ce ya zauna yadda yake don shi ne hujjarku. Haɗewa kuwa, Issa Lawali nawa ne a Safo? Ba aikin sakatariya ita kaɗai ba ne, sai wakilin garin ya ce mutum guda ne.

Habsu UDDM: Amma Malam taron asabar ne, yaushe za ta bi wakilai duka? Ko ta sa musu alama cikin jerin ta haɗe na wucin gadi.

Rabi Sakatariya: Guda 31 ne na ƙirga. Wakilin Safo da na Jiratawa na shigowa Maradi gobe, sauran sai dai ta waya. Zan fidda su a takarda daban in kai ma shugaba da safe shi ya ce yadda za a yi.

Alhaji Ila Mai Goro: Malam Lawali na aiko yaro da shafi biyun bayan la'asar, kana gida ko kana biro?